Ƙaramin Banɗaki, Kuɗi Kaɗan: Yadda Ake Raba Shi da Wari da Rima

Ranar jere banɗaki ne ke zuwa ƙarshe. An gama da gado da sif da kujeru, an sha fama da kicin, magariba ta kawo kai, sai wata cikin 'yan jere ta tuna da wata leda da ke jingine a lungu. A cikinta akwai saitin banɗaki: kafet mai gashi na gaban masai, rigar murfin masai, kofin buroshi, kwalbar sabulun ruwa, wani lokaci har da furen roba. A shimfiɗa, a fesa turare, a ɗauki hoto, kowa ya ce masha Allah. Wanda ya koma bayan wata biyu zai tarar kafet ɗin ya zama jiƙaƙƙen tsumma, ƙasansa ya yi baƙi, amarya kuma tana ta sayen turaren feshi tana mamakin inda wari ke fitowa alhali kullum sai ta wanke.

Laifin ba na amarya ba ne. Irin wannan saiti an yi shi ne don banɗakin da wurin wankansa yake a killace, sauran ƙasan kuma ba ya ganin ruwa. Namu ba haka yake ba. Da bokiti muke wanka, da buta muke tsarki, a nan ake alwala sau biyar, a nan ake wanke yaro, a nan ake ɗauraye ɗan kamfai da safa. Ƙasan banɗakinmu jiƙewa yake yi daga ƙofa har bango, sau da yawa a rana. Don haka duk wanda zai sayi wani abu na banɗaki, tun daga ƙugiyar rataya har tawul, tambayar da za ta fara zuwa masa ita ce ko abin zai taimaka wurin ya bushe, ko kuwa zai riƙe ruwa. A ganina wannan tambayar ta fi launi da ado muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma abin daɗin shi ne kayan da ke cin wannan jarrabawa su ne mafi araha a kasuwa.

Mu ɗauki banɗaki irin wanda ake samu a gidajen haya na ciki da falo a Kano ko Kaduna ko Zariya: ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 6 a tsawo, wato kamar mita 1.2 da mita 1.8. Akwai masai na zama a ƙurya, famfo ɗaya a bango, shawar da ba ta cika kawo ruwa ba, 'yar taga a sama, ƙofa mai buɗewa ciki. Mata da miji ne da yaro ɗaya. Masai kaɗai ya cinye wajen santimita 40 a faɗi da 70 a tsawo, ƙofa kuma tana son nata filin in za ta buɗe. A ɗan abin da ya rage ne ake jibge bokitin fenti biyu na tara ruwa, bahon wankan yaro, buta biyu, kwandon soso, robar omo, guntuwar tsintsiya, buroshin masai da silifas. Kowane ɗaya daga cikinsu yana zaune a kan tayil, kuma ƙarƙashin kowanne akwai da'irar ruwan da ba ta taɓa bushewa. Ɗaga bokitin da ya yi mako a wuri ɗaya ka shafa gindinsa. Wannan yauƙin da ka ji a yatsa, shi ne rabin matsalar banɗakin.

Kafin a kashe ko sisi, a fara gano irin warin da ake fama da shi, domin wari iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A wanke banɗakin da dare, a rufe ƙofa, da asuba a shiga kafin kowa ya yi amfani da shi.

In zarni ne ya tarbe ka, fitsari ne da ya maƙale inda buroshi ba ya kaiwa. Wuraren ɓuyansa sanannu ne: gindin masai inda ya haɗu da tayil, bayan masai, bangon gefe har tsayin gwiwa, da kuma maɗaurin murfi, wato ƙusoshin roba biyu da suka riƙe mazauni. Waɗannan ƙusoshi ana kwance su da hannu ta ƙasa. A cire mazaunin gaba ɗaya sau ɗaya a wata a wanke shi a tsakar gida, duk wanda ya fara yin haka zai sha mamakin abin da zai gani. Tsohon buroshin haƙori da ruwan omo sun isa aikin.

In kuma warin rima ne, irin na kayan da suka kwana a jiƙe, to ba masai ne ba. A shinshina tawul, soso, tsumman goge ƙasa da labule, a cikinsu ɓarawon yake.

Na ukun shi ne mai ɗaure kai, ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke zuwa ya tafi, ya fi ƙarfi da asuba ko lokacin zafi. Wannan daga sokawe yake tasowa, yana biyo fayif. Ruwan nan da kullum kake gani kwance a ƙasan masai ba don ado yake wurin ba. Fayif ɗin an lanƙwasa shi ne don ya riƙe ruwa mai zurfin kamar santimita 5, ruwan kuma shi ne murfin da ke tare iskar rami. Rariyar ƙasa, inda ruwan wanka ke bi, ita ma ya kamata a ce tana da irin wannan tarkon. A gidajen haya da yawa magini ya sa fayif miƙaƙƙe kawai ya ɗora murfi mai huda a kai, shi ke nan an buɗe wa wari da kyankyasai hanya. Gwajin ba shi da wuya. A cika ledar da ba ta yoyo da ruwa rabi, a ƙulle, a ɗora ta a bakin rariyar ta kwana. In da safe ɗoyin ya ɗauke, an kama mai laifi. Masu kayan famfo suna sayar da 'yar rariya mai tarko da ake zura wa cikin ramin, wata mai riƙe ruwa, wata mai leɓen roba da ke buɗewa in ruwa ya zo ya rufe in ya wuce. A auna faɗin ramin kafin a tafi kasuwa, don kada a yi sahu biyu. Wanda bai samu ba, faifan roba mai nauyi da zai rufe bakin rariyar bayan wanka ya wadatar.

Ko mai tarkon ma yana iya kawo wari da hunturu. Iskar lokacin busasshiya ce, tana shanye ruwan tarko, musamman a banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba. Kofi biyu na ruwa a rariya duk mako ya kashe maganar. Masu salga kuwa nasu tarkon shi ne murfi mai hannu da ya zauna daram a bakin rami, da fayif ɗin iska da ya zarce rufin, an ɗaure bakinsa da raga don ƙudaje.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a fara saya, sandar jan ruwa mai bakin roba zan ce. Tsintsiya tana kora ruwa amma tana barin laima, ita kanta kuma ta jiƙe ta ruɓe a lungu. Mofa mai igiyoyi ta fi muni, don shan ruwan take yi ta riƙe, in ba a kai ta rana ba kwana biyu ta fara tsami. Bakin roba kuwa yana share ruwan ne har rariya, ya bar tayil da ɗan danshin da iska ke ɗaukewa nan da nan. Aikin bai kai minti ɗaya ba. A fara daga bakin ƙofa a ja zuwa rariya, sannan a bi bayan masai. Amfaninta ya fi fitowa a banɗakin da mai tayil bai ba shi gangara mai kyau ba, inda ruwa ke kwanciya a kusurwar da ba ta da mafita. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya yi wanka shi zai ja ruwansa, har da maigida. A rataye ta a bango bakin yana sama da ƙasa, don in ta zauna a kan robar lanƙwashewa take yi ta daina kamawa.

Daga nan sai a tashi kayan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Bokiti biyu su koma ɗaya mai murfi, sauran ruwan ajiya ya zauna a duro ko jarka a waje. Murfin ba don ƙura kaɗai ba ne. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10, don haka ruwan da ya zauna a buɗe sama da mako gidan haihuwarsa ne. Sannan yaro mai tatata yana iya leƙa bokiti ya kifa da ka, ruwa kaɗan ya ishe shi halaka. Gidan da ke da ƙaramin yaro ya sa sakata ta waje a saman ƙofar banɗaki, inda hannunsa ba ya kaiwa. Bokitin da ya rage a ɗora shi a kan 'yar kujerar roba mai ƙafafu ko marfin kwando mai huda, yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa. Bahon yaro yana da baki mai lanƙwasa, ƙusa ɗaya ta ishe shi ya hau bango yana kife. Buta tana da hannu, moɗar wanka tana da hannu, buroshi yana da huda a ƙotarsa. Duk masu yin su sun tanadi a rataye su, mu ne muka saba da yasarwa.

Matsalar ɗan haya ita ce huda bango, don ba kowane mai gida ke yarda ba, tayil kuma in ya tsage sai an biya. Akwai hanyoyi, kowace da iyakarta. Maratayi mai tsotson iska yana kama tayil mai sulɓi ne kawai, a kan mai gurzo ko kan layin siminti tsakar dare za ka ji ya faɗo. Mai gam a baya ya fi riƙo, amma yawancin masu kukan cewa ba ya aiki a jiƙaƙƙen bango suka manna shi suka rataya kaya nan take. A wanke wurin da omo don cire maiƙon sabulu, a goge ya bushe ƙarau, a danna da ƙarfi, a bar shi kwana ɗaya cur kafin a ɗora masa komai. Soso, moɗa da buroshi zai ɗauka, jiƙaƙƙen babban tawul kuwa ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma maratayin da ake saƙalawa a saman ƙofa mai ƙugiya biyar ko shida, ba huda ba gam, ranar tashi ka ɗauke abinka. In dole sai an huda, a huda a layin da ke tsakanin tayil biyu, a sa fisha da sukuru, ranar barin gida a toshe da farin siminti. Kada a huda daidai saman famfo ko ƙasansa, ko saitin makunnin wuta, domin ta nan fayif da waya suka bi cikin bango.

Wajen kanta, kusurwa ce dukiyar ƙaramin banɗaki, don ba wanda ke tsayawa a cikinta. Kantar kusurwa ta roba mai hawa biyu ko uku, wadda ƙasanta ke da huda-huda, ta ɗauke sabulu, man wanke gashi, dutsen goge kaushi da kayan wankan yaro. Hudar ita ce abin dubawa, kanta marar huda faranti ne na tara ruwan sabulu. Saman tankin masai ma fili ne, sai dai a bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin murfin tanki da kantar, don ranar da tankin ya lalace mai gyara ya iya buɗewa. Game da abin da aka yi kantar da shi, ni roba mai kauri ko alminiyam nake ba shawara. Ƙarfen nan mai ƙyalli na araha fenti ne kawai a kansa, damina ɗaya ta isa ya fara zubar da jan hawayen tsatsa a jikin tayil. Katakon garin katako kuwa, irin na sif, kumbura yake yi ya wargaje. 'Yan robobi a Kofar Wambai ko Kasuwar Sabon Gari a Kano, da takwarorinsu a kowace babbar kasuwa, suna da duk waɗannan.

Sabulu na son kulawa ta musamman, balle sabulun salo da ke narkewa ya zama kunu in ya kwana cikin ruwa. A sa shi a mazubi mai huda nesa da inda ruwan wanka ke fantsama, salo kuma a gutsiro na kwana biyu ko uku kawai, sauran ya zauna a ɗaki. Soson raga, wanda wasu ke kira soson Gana, ya fi dacewa da ƙaramin banɗaki saboda in aka ɗauraye shi aka rataye a miƙe, bushewa yake yi da wuri. Soson gargajiya na yaɗo yana da daɗin cuɗa amma yana riƙe ruwa a cikinsa, sai a riƙa kai shi rana, a kuma sauya shi duk wata, ko da zarar ya fara baƙi-baƙi.

Akwai kayan da ba su da hurumi a banɗaki ko da fili ya samu. Magunguna suna lalacewa da zafi da laima. Hoda, lalle, garin dilka da kayan kwalliya dunƙulewa suke yi. Reza tsatsa take yi. Kayan wanki masu datti, in suka zauna a ciki, su kaɗai sun isa su ɓata iskar wurin. Buroshin haƙori, in dole ya zauna, ya tsaya a tsaye a kofi mai huda a kantar da ta fi nisa da masai, kada a rufe kansa yana jiƙe, a kuma saba da rufe murfin masai kafin a kora ruwa. Dokar da nake bi ita ce duk abin da ba a taɓa shi kullum, gidansa ɗaki.

Sai tawul, inda mutane suka fi yin asarar kuɗi da kyakkyawar niyya. Kowa na son mai kaurin nan irin na otal. Amma otal yana wanke nasa ne bayan kowane baƙo ya busar da inji, kai kuwa a bayan ƙofa za ka rataye naka, a watan Agusta, a ɗakin da tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Kaurin tawul ana auna shi da nauyin giram a kowace murabba'in mita. Daga 300 zuwa 400 marar kauri ne, 400 zuwa 600 matsakaici, sama da haka shi ne mai kaurin. Tawul ɗin wanka na yau da kullum santimita 70 ne da 140, wato kusan murabba'in mita ɗaya, don haka nauyinsa a sikeli shi ne kusan lambarsa. Wanda ya kai giram 400 zuwa 500 shi ne daidai da irin banɗakinmu: yana tsane jiki, yana bushewa tsakanin wankan safe da na yamma, kuma hannu yana iya matse shi ranar wanki. A Kantin Kwari ko wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Barci ta Kaduna, ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa. In kana hango rana sosai, zaren ya yi ƙaranci. Ja bakin ɗinkin ka gani ko zai saki, ka kuma duba takardar gefe ko auduga ce zalla. Na roba mai laushin nan yana bushewa da sauri, amma mutane da yawa ba sa son yadda yake manne wa fata. Na gwanjo ba laifi, sau da yawa ma audugarsa ta fi kyau, sai dai a jiƙa shi a ruwan zafi sosai da omo, a shanya a rana kafin ya taɓa jiki. Sabo fil ma a wanke shi tukuna, domin sinadarin da masaƙa ke sa masa don ya yi sheƙi yana hana shi shan ruwa.

Yadda aka rataye tawul ya fi tsadarsa tasiri. A ƙugiya tattarewa yake yi, waje ya bushe, cikin ninkin ya kwana a jiƙe, nan warin ke farawa. A sanda ake baza shi. Sandar ba sai ta kanti ba: guntun fayif ɗin ruwa na roba mai inci uku bisa huɗu, tsawon santimita 75 zuwa 80, da mariƙai biyu, mai gyaran famfo zai haɗa maka cikin 'yan mintuna, kuma ba ya tsatsa har abada. A banɗakinmu na misali bayan ƙofa ne wurinsa, ko bangon da ya fi nisa da shawa, a tsayin ƙirji. Amma gaskiyar magana, a ɗaki mai ƙafa 4 da 6 tawul uku ba za su bushe a ciki ba da damina. Mafi alheri a shiga da shi lokacin wanka, a fito da shi igiyar tsakar gida ko baranda, a bar ƙaramin na goge hannu kaɗai a ciki.

Kowa da nasa, kuma launi ya bambanta don kada a yi musu. Wannan ba ƙyama ba ce. Makero, ƙazuwa da ciwon idon da ake kira afolo duk suna bin tawul daga wani zuwa wani. Mutum ɗaya tawul biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki, a sauya bayan amfani uku ko huɗu. In tawul ya fara tsami da zarar ya jiƙe ko da an wanke shi jiya, ko ya yi tauri yana tura ruwa maimakon sha, ragowar sabulu da man shafawa ne suka dafe a zarensa. A rage omo, a ƙara ɗauraya. A jiƙa shi awa ɗaya a bokitin ruwan zafi da rabin kofin ruwan kal, wato binega, sannan a wanke a shanya a rana. Ruwan laushin kaya mai ƙamshi kuwa a raba shi da tawul, shi ne ke lulluɓe zaren da maiƙo.

Kafet fa? Wurinsa bakin ƙofa ta waje, inda ƙafa za ta sauka in an fito, kuma ya zama mai sauƙin wankewa, ko tsohon tawul da aka ninke aka ɗinke bakinsa. A ciki, in ana tsoron santsi saboda tsoho ko mai ciki, tabarmar roba mai huda ce ta dace, a ɗaga ta a rataye bayan wanka. Silifas ɗin banɗaki su jingina da bango a tsaye. Labulen leda a tsakanin shawa da masai yana rage fantsama ƙwarai, har rabin ɗakin ya zauna a bushe, sai dai a yanke shi ya tsaya yatsa biyu sama da ƙasa, a kuma baza shi bayan wanka maimakon tattarewa, in ba haka ba funfuna ta kama ninkin.

Kayan wanki ba sai sun cika kanta ba. Omo ne ke cire datti, bilic, wanda aka fi sani da haifo ko jik, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da funfuna, kuma ba ya aiki sosai a kan datti, don haka wanki ne farko. Rabin kofin shayi a lita 4 na ruwa ya isa, a zuba a bar shi minti 10 taga a buɗe, a ɗauraye. Sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Farin dafin nan da ke taruwa a kan famfo da bakin shawa a gidajen da ke shan ruwan burtsatse, bilic ba ya taɓa shi, tsami yake so. A jiƙa tsumma da ruwan kal ko ruwan lemon tsami a naɗe famfon awa ɗaya, a goge. Kan shawa kuma a kwance shi a tsoma a ciki ya kwana, hudojin za su buɗe. A kiyaye tsami a kan tarazo da mabul, cin su yake yi. Ruwan wanke masai mai kauri shi ma yawanci asid ne, cikin masai kaɗai aka yi shi domin sa. Masu malala shi a ƙasa don tayil ya yi fari suna cinye simintin da ke tsakanin tayil ne, bayan 'yan watanni layukan su zama kwari, ruwa da fitsari su samu wurin kwanciya.

Abu ɗaya kuma ba wasa a cikinsa: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai, ko da ruwan kal, ko da wani sinadarin da ba a san abin da ke ciki ba, har da waɗanda ake haɗawa a gida ana sayarwa a gorar ruwa ba suna. Haɗin bilic da asid yana tayar da iskar kulorin, a ɗaki ƙarami rufaffe kuwa tana iya shaƙe mutum ta kai shi asibiti. Wadda ta ji ido na yaji, maƙogwaro na ƙuna, tari ya taso tana cikin wanki, ta fito nan take ta bar ƙofa a buɗe. Duk waɗannan kwalabe su hau kanta mafi tsayi, kada kuma a juye su a gorar lemo.

In ƙasa ta bushe, kaya sun hau bango, abin da ya rage na jin daɗin ido ne, kuma ba shi da yawa. Ƙwan fitila fari mai wat 9 a cikin murfinsa yana sauya ɗakin gaba ɗaya, don banɗaki mai duhu ko an wanke shi ba ya nuna tsabta. Madubi babba ɗaya a bangon da ke kallon taga yana ninka haske ya sa wurin ya yi kamar ya ƙara faɗi. A bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, kada ya manne, don laima ce ke cin bayansa ta bar baƙaƙen tabo a gefe. Launi kuwa a tsaya a biyu. Bokiti ja, buta kore, kwando shuɗi, moɗa rawaya, su ne ke sa ɗan wuri ya zama kamar rumfar 'yan robobi. In za a sake buta ko bokiti a nemi wanda ya dace da tayil. Taga ta zauna a buɗe da raga a jikinta, ragar kuma a wanke ta bayan hunturu, don ƙura kan toshe ta har iska ta daina wucewa. Bayan wanka a bar ƙofa a sage na ɗan lokaci, iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

Ƙamshi shi ne na ƙarshe. Banɗakin da ya bushe, ɗan turaren wuta a kasko na minti biyar ya ishe shi har yamma, a fito da kaskon in an gama, kada a bar garwashi kusa da labulen leda. Kafur ɗin nan fari da ake zubawa a rariya da lungu kuwa, gidan da ke da yara ya haƙura da shi. Yaro yana ɗaukarsa alewa ne, kuma sinadarin naftalin da ke cikin mafi yawansa yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu wani ƙarancin sinadari na gado da ya yawaita a Najeriya. Jarirai sabbin haihuwa sun fi shiga haɗari, har ta hanyar shaƙa ko tufafin da aka adana da shi, ya jawo musu shawara mai tsanani. Wanda ke zuba shi don kyankyasai, rariya mai tarko ko faifan robar nan ya riga ya tare musu hanya.